Takardar da Ba ta Bukatar Kan Sarki

Yau zancenmu a kan wata irin takarda ne wadda ba a kai ta gidan waya, gama mai rubutawa da mai karantawa tukunya guda suke ci. Watau takardar da mace kan rubuta wa mijinta ta ce kaɗaici ya dame ta, alhali kuwa kullum a gida yake kwana.

Na san wata za ta ce, "Wannan ai neman magana ne. Ga ci, ga sha, ga tufa, me kuma ya rage?" To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari in ba ku labarin wata maƙwabciyata, da izininta, amma ban da suna.

Mijinta malamin makaranta ne, shekararsu 9 da aure, 'ya'yansu uku. Ba ya zagi, ba ya duka, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma da sassafe zai fita, ya komo da la'asar, a kai masa tuwo zaure ya ci da abokai. Daga masallaci sai majalisa, ba ya shigowa sai sha ɗaya ta wuce, in ya shigo kuma idonsa na kan waya. Ta ce mini ta yi mako guda tana ƙirga abin da yake ce mata, ta tarar bai wuce magana huɗu a yini ba: "Mun tashi lafiya?", "Ga cefane", "Sai na dawo", "An rufe ƙofa?"

Na ce, "Me ya hana ki faɗa masa da baki?" Ta ce ta gwada sau biyu. Na farko kuka ya ci ƙarfinta tun ba ta kai tsakiya ba. Na biyu ya ce, "Me kika rasa a gidan nan?" Ta rasa amsa, domin abin da ta rasa ba a auna shi da mudu. Amfanin takarda ke nan: ba ta kuka, ba a katse ta, miji kuma ya karanta shi kaɗai, ba idon da zai sa shi ya tsaya kare kansa.

Takardarta ta fari shafi uku ce. Ta soma da "Kullum kai ba ka damu da ni ba," ta tono laifin shekara biyar, ta ambaci mijin ƙanwarta, ta rufe da cewa in ya gaji da ita ya sallame ta. Da ta karanta mini na ce kada ta bayar. "Kullum" da "ba ka taɓa" suna ba miji ƙofar fita, sai ya tuno rana guda da ya kyauta ya ce ƙarya kike. Gwada shi da mijin wata yana ɓata masa rai har ya manta sauran. Zancen saki kuwa zarar bunu ne, balle wanda aka rubuta. Muka jefa ta murhu, ta kwana biyu, ta sake wata. Ga ta:

"Zuwa ga Malam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, ban rubuto don wani laifi ba. Ba ka rage ni da ci ko sutura ba, na sani, Allah ya saka da alheri. Abin da ke damuna shi ne kewarka nake yi, alhali muna gida ɗaya. In yara sun yi barci nakan zauna ina jin muryarka a ƙofar gida kuna dariya, sai in ji ina ma da ni ake. Ran Talata ƙaramar ta fara tafiya, na ƙagu ka shigo in faɗa maka, har barci ya ɗauke ni. Na tuna shekararmu ta fari, da kakan ba ni labarin 'yan ajinka. Roƙona guda ne: Litinin da Alhamis, bayan lisha, ka zauna da ni ko rabin sa'a kafin ka fita. In akwai abin da nake yi da ke korarka, faɗa mini, zan ji. Haza wasalam, daga matarka."

Ku duba yadda aka gina ta. Ta kira shi yadda ta saba, ba ta kama sunansa ba. Ta fara da alherin da ya yi na gaskiya, ta toshe tambayar nan ta "me kika rasa". Sa'an nan ta faɗi abin da ita take ji, ba halin da shi yake da shi ba, gama ba mai iya musa miki abin da ke zuciyarki. Ta kawo misali guda mai rana. Ta roƙi abu guda mai iyaka. "Ka riƙa kula da ni" ba shi da kai ba shi da gindi, amma "Litinin da Alhamis" ko yaro ya san yadda ake cika shi.

Bayarwa ma da dabara. Kada ki aiki yaro, kada ki ajiye inda baƙo zai gani, kada ki miƙa ran da kuka yi faɗa ko ƙarshen wata sa'ad da aljihu ya bushe. Ita a cikin hularsa ta sa, da dare. In kina da abokiyar zama, roƙi abin da ya faɗa cikin kwananki kaɗai, kada sunanta ya shiga ko sau ɗaya, in ba haka ba sai a ce kishi ne a nade takarda.

Me ya biyo baya? Kwana uku bai ce uffan ba, har ta yi da-na-sani. Ran Alhamis sai ya ce a kawo shayi ɗaki. Suka zauna kamar baƙi, zance ya ƙi kamawa. A zama na uku ne ya faɗa mata bashi ke kansa tun gyaran rufin gidan mahaifiyarsa, kunya ta sa yake gudun zama kada ta gani a fuskarsa. Yanzu wata shida ke nan. Litinin ta sulale, amma Alhamis tana nan, ita kuwa ba ta yi masa gorin Litinin ba.

Amma fa takarda tana da iyaka. In mako biyu sun wuce shiru, tambaye shi sau ɗaya cikin lumana ko ya gani. In ya mai da ita abin dariya a majalisa, ko kuwa kaɗaicin ya haɗu da duka, ko hana abinci, ko ƙaurace wa ɗaki, wannan ya wuce alƙalami. Je ki ga waliyyinki ko wani babba da mijin yake jin kunya.

Ku kuma 'yan makaranta, in wata yayarku wadda ba ta iya rubutu ba ta ce ku rubuta mata irin wannan, ku sa maganarta yadda ta faɗa, kada ku ƙara gishiri, ku kuma kama bakinku. Amana ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.