Aikin Yanar Ido: Madubin Da Ake Cirewa Da Wanda Ake Sakawa

Mutane da yawa suna zaton yanar ido wata fata ce da ke tsirowa a saman ido, likita ya kankare ta. Abin ya fi haka zurfi. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda ke tattara haske ya kai shi bangon bayan ido, inda gani yake samuwa. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya daɗe, ko ido ya bugu, wannan madubi yakan yi hazo har ya koma fari. Shi ne yana. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke shi. Sai dai a cire madubin, a sa na roba a gurbinsa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da mutane. Ya kuma gano cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, waɗanda ke soka tsinke su tura madubin ya faɗa can cikin ido. Mutum kan ga haske nan take, shi ya sa ake yarda da su. Amma ido ya zauna babu madubi, komai dishi-dishi, kuma sau da yawa kumburi ko hawan jinin ido kan biyo baya ya kashe ganin gaba ɗaya. Wannan asara tana ci mini rai, domin ido ne da aikin ƙasa da rabin awa zai iya ceto shi.

A ɗauki misalin tela mai shekara 62 wanda zura zare a allura ya fara gagararsa, fitilun motoci kuma suna kashe masa ido da dare. Ba sai ya jira yanar ta nuna ba, kamar yadda ake cewa a da. Tunda ta taɓa sana'arsa, lokaci ya yi. A asibiti za a ɗiga masa maganin buɗe baƙin ido a leƙa baya, a auna ƙarfin ruwan ido, a duba suga da hawan jini. Leƙa bayan nan yana da dalili: idan hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiyar gani, ko suga ya lalata bangon baya, cire yana ba zai dawo da abin da ya tafi ba, kuma ya kamata a gaya masa haka tun kafin ya hau gadon tiyata.

Sai awo, wanda shi ne ginshiƙin aikin. Madubin roba yana da lamba kamar tabarau, ana ƙirga ƙarfinsa da ma'aunin da ake kira diyofta. Na'ura za ta auna tsawon ido daga gaba zuwa baya, wanda a yawancin mutane bai wuce milimita 23 zuwa 24 ba, sannan ta auna lanƙwasar fatar gaban ido. Daga nan ake lissafa lambar. Ido mai matsakaicin tsawo yakan buƙaci wajen diyofta 21. Kuskuren milimita 1 kacal a awon tsawo yana iya karkatar da gani da kusan diyofta biyu da rabi, wato mutum ya fito daga aiki mai kyau amma bai gane fuskar wanda ke tsallaken titi sai da tabarau mai kauri. Don haka tambayar da ta fi cancanta majiyyaci ya yi, a babban asibiti ne ko a aikin ido na kyauta, ita ce: "Likita, an auna idona kafin a zaɓi madubin?"

Zaɓin madubi kuwa ya rataya ne ga yadda mutum ke rayuwa. Wanda aka fi sakawa, kuma mafi sauƙin kuɗi, shi ne mai gani ɗaya: ko nesa ko kusa. Yawanci ana saita shi a nesa. Telanmu zai yi tafiya ba tabarau, amma a kan keken ɗinki zai buƙaci na karatu mai lamba kamar +2.50. Yana iya neman akasin haka, a saita masa kusa, ya yi ɗinki da karatun Alƙur'ani da idonsa, ya sa tabarau in zai fita. Akwai madubi mai gani da yawa, wanda ke raba haske tsakanin nesa da kusa. Yana rage dogaro da tabarau, sai dai yana da tsada, yana rage kaifin gani a duhu, kuma yakan sa a ga zobba kewaye da fitilu. Ban ga hikimar sa wa direban da ke tafiyar dare irinsa ba, haka ma wanda suga ya taɓa bayan idonsa. Na uku shi ne torik, na wanda fatar gaban idonsa ba ta lanƙwashe daidai ba. A ganina, madubi mai gani ɗaya da aka auna da kyau ya fi mai tsada da aka saka bisa ƙiyasi.

Ranar aiki ba a sa mutum barci. Ana kashe zafin idon da ɗigo ko allura a gefensa, a wanke da aidin. Hanya biyu aka fi bi. A ta fako, ana yin kafa ta milimita 2 zuwa 3, a farfasa madubin da na'ura mai girgiza, a zuƙe shi, a tura madubi mai naɗewa ya buɗe a ciki. A ɗaya hanyar, wadda ta fi yawa a ƙasashenmu, ana yin kafa ta milimita 6 zuwa 7 a farin ido a ƙarƙashin fatar sama, a fitar da ƙwayar yanar ɗungurungum, kuma kafar kan rufe kanta ba ɗinki. Wannan hanya ta fi dacewa da yanar da ta daɗe ta yi tauri, kuma a hannun gwani sakamakonta ba ya ƙasa. A duka biyun ana barin siririyar jakar da madubin asali yake ciki, a zaunar da sabon a nan. Ba ya tsufa, ba a canza shi.

Washegari a cire bandeji. Ganin kan ɗan yi hazo kwana kaɗan, ido ya yi ja, a ji kamar da tsakuwa a ciki. Za a ba da maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta da na rage kumburi, ana rage yawansa sannu a hankali har mako 4 zuwa 6. A wanke hannu kafin ɗigawa, kada bakin kwalba ya taɓa ido. A makon farko da na biyu ba murza ido, ba kwalli, ba ɗaukar kaya mai nauyi, a kiyaye ruwa a alwala da wanka, a nisanci hayaƙin murhu da ƙurar hunturu. Batun ruku'u da sujada a tambayi likitan da ya yi aikin, domin wasu kan ce a yi salla a zaune na ɗan lokaci. Tabarau kuma sai ido ya natsu, bayan kamar mako 6.

Alama uku ce ba a kwana da su: ciwo mai ƙaruwa, ja mai tsananta, da ganin da ya fara kyau sannan ya koma baya. Yawanci a makon farko suke zuwa, kuma suna iya nufin ƙwayar cuta ta shiga cikin ido. Abin ba ya yawan faruwa, amma jinkirin kwana ɗaya na iya cinye idon. Haka ma ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa kwatsam, ko duhu yana taso daga gefe kamar labule, alamar bangon bayan ido ya fara ɓallewa ce.

Bayan watanni ko shekaru, telan na iya ganin hazo ya dawo ya ce yanar ta sake tsirowa. Yana ba ta dawowa. Jakar da ke riƙe da madubin ce ta yi duhu. Ana huda tsakiyarta da hasken leza cikin 'yan mintuna, yana zaune a kujera, ya koma gida a ranar.