Rumbun kalmomin sirri da hanyar farfaɗo da shi: misali daga Tabanni

Manhajar adana kalmomin sirri rumbu ce mai kwaɗo ɗaya. A ciki ake zuba kalmar sirrin imel, ta shafin Facebook, ta manhajar rajista da sauransu, a kulle su da babbar kalma guda, wadda ita kaɗai ake haddacewa. Ga mutum ɗaya abin ba wuya. Wahalar tana farawa ne idan mutum huɗu ko biyar suna shiga asusu ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙungiyar manoma ko ƙaramin asibiti.

A ɗauki misalin ƙungiyar manoman masara a Tabanni, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Gwari: shugaba, sakatare, ma'aji da mai rajistar mambobi. Yawanci da lambar wayar sakatare aka buɗe imel ɗin ƙungiya, da imel ɗin kuma aka buɗe duk sauran asusun. Ke nan mabuɗin ƙungiyar na gaskiya shi ne layin mutum ɗaya, domin can ake turo lambar tabbaci duk lokacin da aka manta kalma. Mutanen yankin sun ga raunin wannan tsari. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse sabis a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, saboda matsalar 'yan bindiga, kuma ba a maido da shi ba sai ƙarshen Nuwamba. Kusan wata biyu saƙon tes bai shiga ba. Ko ba katsewa, waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko a ƙwace ta a hanya.

Wannan ne ya kamata ya yanke zaɓin manhaja. Akwai masu ajiye rumbun a intanet, irin su Bitwarden, waɗanda ke sauƙaƙa rabawa tsakanin mutane amma suna buƙatar sabis kafin a shiga a sabuwar waya. Akwai kuma dangin KeePass, wato KeePassXC a kwamfuta da KeePassDX a wayar Android, kyauta ne, kuma rumbun fayil guda ne mai ƙarewa da `.kdbx` wanda ke zaune a cikin na'urar, yana buɗuwa ko babu sabis. Ga ƙungiyar da ke bakin daji, na biyun ya fi dacewa, da sharaɗin a san rauninsa: babu kamfanin da za a kira idan babbar kalma ta ɓace.

Babbar kalmar ita ce komai. A 2022 ɓarayi sun kwashe kwafin rumbunan masu amfani da LastPass. A kulle suke, amma wanda kalmarsa gajeriya ce ya zama abin farauta, tunda ɓarawon da ke riƙe da fayil yana iya gwada zato miliyoyi ba mai tsayar da shi. Sunan gari da shekarar haihuwa ba za su tsare komai ba, karin magana ma haka, domin kowa ya san ƙarshenta. Abin da ake so shi ne kalmomi shida marasa alaƙa da juna, waɗanda ƙuri'a ta zaɓa daga dogon jeri, ba kan mutum ba.

Bai kamata ƙungiyar ta yi rumbu ɗaya ba, biyu ya dace. Ƙaramin na aikin yau da kullum ne, yana wayar kowa, kuma abin da ke ciki kaɗan ne: manhajar rajista, shafin sanarwa. Babban yana ɗauke da imel ɗin da ake farfaɗo da sauran asusu da shi, kuma ba ya hawa wayar da ake tafiya da ita kasuwa. Dalili a fili yake. Wanda aka tsare a hanya aka ce ya buɗe wayarsa zai buɗe, kuma haka ya kamata ya yi, rai ya fi dukiya. Aikin tsarin shi ne abin da za a samu a wayar ya zama kaɗan. Lambar sirrin katin banki ko ta manhajar bankin ma'aji ba ta shiga ko ɗaya daga cikin rumbunan, tasa ce shi kaɗai.

Daga nan sai a raba asusun da saƙon tes, inda asusun ya yarda. Google da Facebook suna karɓar lambar tabbaci mai alƙaluma shida wadda manhaja ke ƙirƙira da kanta, tana sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma KeePassXC da KeePassDX duka suna iya fitar da ita ba tare da sabis ba. Da agogon na'ura take aiki. Idan kalmar sirri daidai ce amma ana ta ƙin karɓar lambar, a fara duba agogo: wayar da ta daɗe ba sabis ko batirinta ya mutu takan kauce da minti ɗaya ko biyu, kuma wannan ya isa.

Matsalar da aka fi cin karo da ita wajen raba fayil ita ce rabuwar kwafi. Sakatare ya sauya kalma a wayarsa, ma'aji ya ƙara wata a tasa, sai aka wayi gari da rumbu biyu masu suna ɗaya. Alamarta ita ce kalma tana yi wa wani aiki, tana ƙi wa wani. Maganin shi ne mutum ɗaya kaɗai ke rubutu, sauran karatu suke yi, kuma duk sabon kwafi a sa masa kwanan wata a sunansa. In an riga an rabu, KeePassXC yana da `Merge From Database` mai haɗa su.

Hanyar farfaɗowa a takarda take. A rubuta babbar kalmar babban rumbu da biro, tare da lambobin ajiya guda 10 da Google ke bayarwa, waɗanda kowace sau ɗaya take aiki, a rufe a ambulan, mutum biyu su sa hannu a kan bakin liƙin. Fayil ɗin kuma a kwafe shi a filas biyu. Ambulan na hannun shugaba, filas na hannun ma'aji, yadda ba wanda zai buɗe shi kaɗai. Kwafi na biyu ya kwana a wani gari, Birnin Gwari ko Kaduna, domin gobara ko gudun hijira ba sa barin akwati a ɗaki.

Ranar da wayar sakatare ta ɓace, tsarin aiki ya fi sauri muhimmanci. Da farko a nemi kamfanin layi ya toshe layin. Sannan shugaba da ma'aji su haɗu, su buɗe babban rumbu, su shiga imel daga inda ake da sabis, su sauya kalmarsa, su fitar da ɓatacciyar wayar daga jerin na'urorin asusun. Bayan haka a sauya duk kalmar da ke ƙaramin rumbu, ɗaya bayan ɗaya, a ba rumbun sabuwar babbar kalma. Sauya babbar kalma kaɗai ba ya taɓa tsohon kwafin da ke hannun wani. Shi ya sa ko mamba ne ya bar ƙungiya lafiya lau, sai an bi wannan tsari. Walkam-bak na layin kuwa sai mutumin da aka yi rajistarsa da lambar NIN ɗinsa, don haka takardar ta faɗi ko wane ne.

Duk wata uku a yi gwaji. A ɗauko wayar da ba ta taɓa ganin rumbun ba, a ba mamban da ya fi kowa ƙarancin sanin na'ura ambulan da filas, a zuba masa ido. A nan ake gano cewa filas ya lalace, ko kwafin ya tsufa, ko an rubuta sifili kamar harafin o. Bayan gwajin a sake liƙe ambulan, a rubuta kwanan wata a bayansa.