404, 403 da 500: Abin da Shafi Yake Gaya wa Mai Bincike

Ɗalibi ya danna mahaɗin duba sakamakon jarrabawa, sai ya ga 404 Not Found. Kwamfutar da ke riƙe da shafin tana nan lafiya, ta ma amsa sallama. Abin da aka tambaya ne babu shi a wannan adireshin, ko dai an ɗauke shi, ko harafi ɗaya ya yanke lokacin da aka kwafo mahaɗin daga WhatsApp. Maganinsa shi ne a duba rubutun adireshin, ko a koma shafin farko a bi hanya daga can.

Shi kuwa 403 Forbidden, mai gadi ne ya tsaya a bakin ƙofa. An fahimci buƙatar sarai, amma an ƙi. Wataƙila ɓangaren na ma'aikata ne kawai, ko an toshe masu shigowa daga wata ƙasa, ko kuma VPN ɗin da ke kunne a wayar ne ba a yarda da shi ba. Ko sau goma za a sake dannawa, amsar ɗaya ce. Sai a kashe VPN, ko a shiga da asusun da ke da izini.

A 500 Internal Server Error kuma, laifin na masu shafin ne, domin manhajarsu ce ta yi tuntuɓe. Ƙanwarta 503 takan fito idan cunkoso ya yi yawa, kamar ranar rufe rajista. Jira kaɗan yakan wadatar. Amma idan ana cikin biyan kuɗi ne ta fito, kada a yi gaggawar sake biya, a fara duba asusun banki tukuna, don mai yiwuwa kuɗin sun riga sun fita.