Sun Ɗauki Hotonki Ba Izini: Wasiƙar Neman a Cire

Wata amarya a Kano ta ga hoton kamunta a shafin wani mai sayar da leshi, ana talla da fuskarta ba da saninta ba. Abin da ciwo. Amma wasiƙar zagi ba kasafai take sa a cire hoto ba.

Ta fara ɗaukar hoton allon shafin, kwanan wata na fitowa, domin mai shafi na iya gogewa ya musanta. Sannan ta tura imel gajere: ga adireshin shafin da hoton yake, ni ce a ciki, ban ba da izini ba, a cire cikin kwana bakwai, a sanar da ni a rubuce.

Inda mutane ke kuskure shi ne cewa “hotona ne”. A doka, haƙƙin mallakar hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne. Hujjar amarya ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Idan mai hoton bikin ya aika tasa wasiƙar, maganar ta fi ƙarfi.

In wa'adi ya wuce shiru, sai ta kai kuka ga kamfanin da ke ɗauke da shafin, da kwafin imel ɗinta.