Wasiƙar Neman Haƙƙin Fansho Bayan Rasuwar Miji

Wasiƙar da matar mamaci ke rubuta wa ofishin fansho takarda ce mai aiki biyu: tana sanar da rasuwar mai asusun, kuma tana neman a biya abin da ya bari. Mata da yawa suna rubuta ta da zaton za a cire sunan miji a sa nasu, kuɗin wata-wata ya ci gaba da shigowa kamar da. A Najeriya, ga mafi yawan ma'aikatan farar hula, ba haka abin yake ba. Fanshon wata yana tsayawa da rasuwar mai shi, abin da ya rage kuma ana lissafa shi a biya masu haƙƙi. Saboda haka ingancin wasiƙar ya rataya ne a kan abu uku: sanin tsarin da mamacin yake ciki, sanin wanda doka ta ba ikon karɓa, da haɗa takardun da ke tabbatar da magana.

Ofishin da za a nufa

Tun daga shekarar 2004 Najeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo, wanda aka sabunta dokarsa a 2014. A wannan tsari ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wurin aikinsa yana zuba aƙalla kashi 10, a wani asusu mai sunansa da ke hannun kamfanin kula da fansho. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni. Idan mamacin yana da lambar asusu mai farawa da haruffan PEN, kuma yakan samu saƙon kamfanin a wayarsa, to wasiƙar ta wannan kamfani ce.

Tsofaffin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari suna ƙarƙashin hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 kuma hedikwatarta ke Abuja. Sojoji suna da hukumar fanshonsu daban. Wasu jihohi ma suna tafiyar da nasu tsarin, kamar Kano mai Hukumar Amintattun Asusun Fansho, don haka iyalan malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a can za su bi ta. Wasiƙar da aka kai ofishin da ba nata ba takan yi watanni a kan tebur ba wanda ya taɓa ta. Hanya mafi sauƙi ta gane ofishin ita ce duba takardar albashin mamacin ta ƙarshe, ko sunan da ke bayyana a saƙon banki duk lokacin da fanshonsa ya shiga.

Abin da ake nema

A tsarin karo-karo, haƙƙin ya danganta da halin da mamacin ya rasu a ciki. Idan ya rasu yana bakin aiki, akwai kuɗi iri biyu. Na farko shi ne abin da ya taru a asusunsa, da ribarsa. Na biyu shi ne kuɗin inshorar rai, wadda doka ta wajabta wa wurin aiki ya yi wa kowane ma'aikaci, kuma ba ta gaza jimillar albashinsa na shekara uku ba. Wannan na biyun ta wurin aikin mamacin ake bin sa, kuma iyalai da dama sukan bar shi don ba su san da shi ba. Idan wurin aikin bai biya kuɗin inshorar ba, doka ta ɗora masa biyan haƙƙin daga aljihunsa.

Idan kuwa ya riga ya yi ritaya, sai a duba zaɓin da ya yi. Wanda ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fansho ana yankar masa wata-wata, ragowar asusun ta zama ta magada. Wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora don a riƙa biyansa muddin rai, yarjejeniyarsa tana da lamuni na shekara 10. Idan ya rasu bayan shekara 6, akwai haƙƙin shekara 4 da ya saura. Idan ya haura shekara 10 ɗin kafin ya rasu, babu abin da ya rage. Tsohon tsari ma yana da makamancin wannan: wanda ya rasu kafin cika shekara 5 da ritaya, ana biyan iyalansa fanshon watannin da suka rage, tare da duk bashin fansho ko garatuti da yake bi.

Wanda ke da ikon karɓa

A nan ne wasiƙu da yawa ke cin karo da bango. A fom ɗin ɗaukar aiki akwai gurbin da ma'aikaci ke rubuta makusancin da za a tuntuɓa idan wani abu ya same shi, kuma mutane sukan fassara wannan gurbi da "magaji". Kasancewar sunan mace a wurin bai mallaka mata kuɗin asusun ba. Kamfanin yana biya ne ga wanda kotu ta ba izinin kula da dukiyar mamaci, ko wanda wasiyyar da kotu ta tabbatar ta ambata. Takardar izinin tana fitowa daga sashen gado na Babbar Kotun jiha, kuma a jihohin Arewa akan karɓi umarni mai hatimi daga kotun da ke da hurumin rabon gado. Tunda akwai bambanci tsakanin ofisoshi, ya kamata a tambayi irin wadda suke karɓa kafin a biya kuɗin kotu. Wajibi ne takardar ta ambaci haƙƙin fansho da sunan kamfanin a cikin jerin dukiyar, domin wadda ta lissafa gida da gona da asusun banki kawai za a mayar da ita.

Ga misali. A ce wani Musulmi ya yi ritaya a 2021, ya rasu a 2024, asusunsa na ɗauke da naira 8,000,000. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi, kuma babu bashi ko wasiyya. Matan biyu za su raba tumuni, wato naira 1,000,000, kowace ta samu 500,000. Ragowar 7,000,000 za a kasa ta kashi bakwai: kowane namiji 2,000,000, kowace mace 1,000,000. Idan uwargida ta rubuta cewa a mayar mata da dukan kuɗin, ta nemi abin da ofishin ba shi da ikon bayarwa. Idan amarya ita ma ta rubuta tata, fayil ɗin zai tsaya cak har sai kotu ta raba gardama. Abin da ke tafiya shi ne iyali su zauna, su amince da mutum biyu, misali uwargida da babban ɗan amarya, kotu ta ba su izini, su sa hannu a wasiƙa ɗaya.

Yadda wasiƙar take

Wasiƙar ba ta wuce shafi ɗaya. Akasari da Turanci ake rubuta ta, don shi ne harshen ofis, amma dole a karanta wa mai ita fassararta kafin ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. A sama akwai adireshinta, lambar wayarta da kwanan wata, sai muƙamin wanda aka rubuta wa da sunan ofishin. Kanun wasiƙar yana ɗauke da cikakken sunan mamacin da lambar asusunsa, domin da wannan lamba akawu zai nemo fayil. Ma'anar cikinta kuwa kamar haka take:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da ku rasuwar mijina, mai suna da lambar asusu da ke sama, wanda ya yi aiki a ma'aikata kaza, ya yi ritaya a shekara kaza, ya rasu ranar kaza a asibiti kaza. Ni ce matarsa, kuma ɗaya daga cikin mutum biyu da kotu ta ba izinin kula da abin da ya bari. Ina roƙon a lissafa haƙƙinsa a biya ta asusun bankin da aka haɗa bayaninsa. Takardun shaida suna biye da wannan wasiƙa."

Labarin kuɗin haya da na makaranta gaskiya ne mai ciwo, sai dai ba shi ke motsa fayil ba, don haka jimla ɗaya ta wadatar. Abin da ke da nauyi shi ne jerin takardun da ke ƙasan sa hannu: shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar likita idan a asibiti ya rasu, rahoton 'yan sanda idan haɗari ne, takardar izinin kotu, shaidar aure, katin shaidar ɗan ƙasa da hotunan fasfo na masu karɓa, takardar ɗaukarsa aiki ko ta ritaya, da wasiƙar banki mai tabbatar da asusun da za a zuba kuɗin. Inda aure na ɗaurin masallaci ne ba a rubuta shi ba, akan yi takardar rantsuwa a kotu. Ana miƙa kwafi, a tafi da na asali don a gani a dawo da su. Kuma ana kai wasiƙar kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, mai ita ta adana. Wannan kwafin ne hujjarta idan aka ce ba a ga takarda ba.

Inda ake samun tsaiko

Babban abin da ke jawo jinkiri shi ne saɓanin suna. Mutum yana Muhammadu a takardar aiki, Mohammed a banki, Mamman a shaidar rasuwa, kuma ofis ba zai ɗauke su mutum ɗaya ba sai da takardar rantsuwa. Haka ma ranar rasuwa, dole ta zo ɗaya a kowace takarda. Shimfiɗa takardun a tabarma a duba su harafi da harafi kafin a fita daga gida yana rage zirga-zirgar watanni.

Na biyu shi ne jinkirta sanarwa. Matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma tana iya aika ɗanta ko ɗan'uwanta da gajeriyar sanarwar rasuwa, cikakkiyar buƙata ta biyo baya. Idan aka yi shiru fansho ya ci gaba da shiga ana cirewa da katin mamacin, akan zare wannan kuɗi daga haƙƙin ƙarshe, kuma yana iya jawo tuhuma.

Na uku shi ne 'yan tsakiya masu cewa a ba su kaso su fito da kuɗi. Kamfanin fansho ba ya karɓar ko sisi don biyan haƙƙin mamaci. Kuɗin da ake kashewa na kotu ne da na takardu, kuma suna da rasit. Kamfani yakan rubuta wa kotu don tabbatar da sahihancin takardar izini, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Amma idan takardu sun cika aka daɗe babu bayani, sai a rubuta tunatarwa mai ambaton ranar da ke kan hatimin karɓa. Idan ita ma ba ta yi amfani ba, ana kai ƙorafi a rubuce ga PenCom, a hedikwatarta ta Abuja ko ofishinta na shiyya, kamar wanda ke Kano.

Mafi yawan wannan wahala tana raguwa ne tun mai asusun yana raye. Magidancin da ya daidaita sunansa a dukan takardunsa, ya sabunta bayanan iyalinsa a ofishin fansho, ya kuma nuna wa matarsa lambar asusunsa da inda ya ajiye takardar ɗaukarsa aiki, ya sauƙaƙa wa matarsa da marayunsa karɓar haƙƙinsu.