Yadda Ake Keɓe Wa Kyamarar Ƙofar Gida Inda Za Ta Lura da Motsi, Don Wayarka Ta Huta da Sanarwar Banza

Duk wanda ya ɗaura kyamarar tsaro a ƙofar gida ya haɗa ta da waya ya san abin da ke faruwa a makon farko. Waya ta yi ƙara, a duba, ashe reshen bishiya ne iska ta kaɗa. Ta sake yin ƙara, ashe A Daidaita Sahu ne ya wuce. Kafin sati ya zagayo mai kyamara ya gaji, ya kashe sanarwar gaba ɗaya. Haɗarin ke nan: ranar da wani zai tsaya yana taɓa kwaɗon ƙofa da ƙarfe biyun dare, wayar tana nan shiru.

Maganin shi ne a zana wa kyamarar yankin da za ta lura da shi. Amma zanen ba zai yi amfani ba sai an fahimci abin da kyamarar take kira motsi.

Me kyamara take gani?

Yawancin kyamarorin da ake jonawa da wuta ba su san mutum ba, ba su san bishiya ba. Hoton yanzu suke kwatantawa da wanda ya gabace shi. Hoto kuwa ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma idan ɗigo da yawa suka canza haske ko launi a lokaci guda, sai kyamara ta ce an yi motsi. Ganye mai rawa canji ne. Inuwa mai matsawa canji ce. Fitilar mota da ta haska bango ita ma canji ce.

Saboda haka yankin da ake zanawa a kan hoto yake, ba a kan ƙasa ba. Kyamara ba ta auna nisa. Idan akwatin da aka zana ya rufe ƙofa amma samansa ya ɗan taɓa titin da ke bayanta, motar da ke nesa ta shiga yankin ke nan.

Misali da gida ɗaya

A ɗauki gida mai kyamara irin Tapo C310 ta kamfanin TP-Link, an ɗaura ta a bango, tsayin kusan mita 3, tana kallon ƙofar shiga. A hoton, titi ya cinye kashi ɗaya cikin uku na sama. Darbejiya tana gefen dama, gabas da ƙofa. Tsakiya da ƙasan hoton kuma dakali ne da filin gaban ƙofa.

Kafin a taɓa komai, a buɗe bidiyon sanarwar kwana ɗaya ko biyu, a lura da abu biyu: ƙarfe nawa kowace ta zo, kuma a wane ɓangaren hoto motsin ya faru. A irin wannan gida za a ga kashi uku: motoci a sama, rassa a dama, sai kuma sanarwar safe da babu kowa a cikinta. Wannan ta ukun inuwar darbejiya ce. Tunda bishiyar tana gabas, da hantsi inuwarta tana kwantawa yamma, daidai gaban ƙofa, tana rawa duk lokacin da iska ta taso.

A manhajar Tapo, a shiga saitin kyamarar, a danna Detection, sannan Motion Detection, a nemi Activity Zones. Sunan yakan ɗan bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma aikin ɗaya ne. Da farko yankin ya rufe hoton duka. A rage shi, a yi ƙananan akwatuna biyu maimakon babba ɗaya: na farko a jikin ƙofar da dakali, na biyu a hanyar da ƙafa ke bi kafin a iso ƙofar. Saman akwati na biyu ya tsaya ƙasa da bakin titi, a bar ɗan sarari tsakani, domin babbar mota da inuwarta sun fi ƙaramar mota faɗi a hoto. Gefen dama kuma a janye shi daga rassan, har da inda suke kaiwa idan iska ta yi ƙarfi, da inda inuwar hantsi take sauka.

Kada a matse yankin fiye da kima. Kyamara tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta tabbatar da motsi ta aiko da sanarwa. Idan jikin ƙofa kawai aka zana, mai sauri zai iya shigowa ya juya baya kafin a sami fuskarsa. Amfanin akwati na biyu ke nan: ya kama mutum tun yana matsowa.

Sai bayan an gama zane ake taɓa Motion Sensitivity, wato yawan canjin da kyamara ke buƙata kafin ta yi magana. Mutane da yawa da nan suke farawa, su sauke shi ƙasa ƙwarai. Bishiya takan yi shiru, amma mai tafiya a hankali cikin duhu shi ma ya wuce ba a ji ba. Gara a bar shi a tsakiya, a riƙa saukewa mataki ɗaya-ɗaya. Idan kyamarar tana da Person Detection, a kunna shi ya zama ƙarin mataci, sai dai yakan yi kuskure idan haske ya yi ƙaranci ko rabin jiki kawai ake gani.

Gwajin dare shi ne na gaskiya

Zanen da ya yi kyau da rana yakan ba da kunya da dare. Mota ba ta shiga yankin ba, amma fitilarta ta share bango da dakali, ɗigo dubbai sun canza a daƙiƙa ɗaya. Alamarsa ita ce bidiyon da hoto ya yi fari ya koma duhu, babu kowa. A nan sai a cire farin bango da duk wani abu mai ƙyalli daga yankin. Idan abin ya ƙi, a sunkuyar da kyamarar ƙasa kaɗan yadda titi zai ragu a hoton, sannan a sake zane, domin da zarar an motsa kyamara tsohon zanen ya koma kan wani wuri. Haka ma kyamara mai juyawa: yankin yana manne da sikirin, ba ya bin ƙofa.

Akwai abin da zane ba ya magancewa. Ƙwari, yanar gizo-gizo, ruwan sama da ƙurar hunturu suna wucewa ne dab da gilashi, hasken da kyamara ke gani da shi da dare ya haska su, su bayyana manya-manya a ko'ina cikin hoton. Maganinsu goge gilashi, share yana, da nisanta kyamara daga ƙwan fitila mai tara ƙwari.

Kyamara mai batir kuma daban take. Yawancinsu suna farkawa ne da na'urar PIR mai jin motsin zafin jiki, sai daga baya yankin da aka zana ya tace sanarwa. Mota mai zafin inji za ta iya tashe ta ta ci batir ko da waya ba ta yi ƙara ba, don haka irin wannan juyar da ita daga titi ya fi zane amfani.

A kuma kiyaye da Privacy Zones. Wannan rufe wurin yake yi ya ɓace daga bidiyo gaba ɗaya. Wurin da aka cire daga yankin motsi kuwa yana nan a hoto, sanarwa ce kawai ba ya jawowa.

Daga ƙarshe, a sa wani ya taho ƙofar daga hagu, daga dama, sannan kai tsaye daga titi, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan isha'i. Duk tahowar da ba ta sa waya ƙara ba, akwai giɓi a wannan gefen, a faɗaɗa akwatin. Idan duka shida sun yi ƙara, kuma motoci suna wucewa waya shiru, zanen ya zauna. A sake dubawa idan damina ta kama, lokacin da darbejiyar ta ƙara ganye rassanta suka miƙo.