Ƙarfe Takwas na Wane Gari? Yadda Ake Rubuta Lokacin Taron Intanet

Sanarwar taron ƙara wa juna sani ta intanet kan yi tafiya mai nisa cikin minti kaɗan. A rubuta ta a Kano, kafin a yi sallar La'asar ta isa wayar ɗalibi a Kuala Lumpur, da ta ɗan kasuwa a Kumasi, da ta likita a Landan. Idan abin da ke cikinta shi ne "ranar Asabar da ƙarfe takwas na dare" kawai, kowannensu zai dubi agogon bangon ɗakinsa ya ɗauka da shi ake magana. Wani zai shigo an kusa tashi, wani kuma ya zauna awa guda yana jiran mai gabatarwa, har ya ɗauka an fasa.

Gyaran yana farawa ne daga tsayar da lokaci guda ɗaya wanda sauran za su jingina da shi. Masu sauraron labaran rediyo sun saba da jin "agogon GMT" da "agogon Najeriya da Nijar". A manhajojin waya da kwamfuta an fi rubuta shi UTC, kuma a aikin shirya taro ba su da bambanci. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, abin da ake rubutawa UTC+1. Ghana daidai take da shi. Sudan na gaba da awa biyu tun watan Nuwamba na 2017, Saudiyya da awa uku, Malesiya da awa takwas. Duk waɗannan ƙasashe ba sa taɓa agogonsu rani da damina, saboda haka lissafinsu bai da wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne Birtaniya da Amurka, domin su sau biyu suke sauya agogo a shekara, kuma ba rana ɗaya suke yi ba. Birtaniya na tura agogonta gaba da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta mayar da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Yawancin jihohin Amurka kuwa suna turawa ranar Lahadi ta biyu a Maris, su mayar ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Ke nan kuskure ne a ce "GMT" ana nufin lokacin Landan a ko da yaushe. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogon Landan daidai yake da na Kano.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta shirya lacca duk Asabar da ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya, makonni uku a jere a shekarar 2026. Ranar 24 ga Oktoba, mutumin Landan zai shiga da ƙarfe takwas na dare, na New York da ƙarfe uku na rana. Mako guda bayan haka, 31 ga Oktoba, Birtaniya ta riga ta mayar da agogonta, don haka a Landan taron ya koma ƙarfe bakwai, amma a New York yana nan a ƙarfe uku. Ranar 7 ga Nuwamba kuma Amurka ta bi sahu, taron ya koma ƙarfe biyu na rana a New York. A Kano ba abin da ya motsa. Sakataren da ya kwafi sanarwar makon farko ya sauya kwanan wata kawai, zai sa 'yan Landan su makara da awa guda cur a mako na biyu, sa'an nan 'yan New York a mako na uku. Don haka lissafi na ranar taron ake yi, kowane zama da nasa.

Ga yadda sanarwar zaman 31 ga Oktoba ya kamata ta fito:

```
Asabar, 31 ga Oktoba 2026
Za a fara 20:00 (8 na dare) agogon Najeriya, wato 19:00 UTC
Tsawon taro: minti 90

Kano, Yamai, Garwa, Njamena: 20:00
Accra, Kumasi: 19:00
Khartoum: 21:00
Jidda, Makka: 22:00
Landan: 19:00
New York: 15:00
Kuala Lumpur: 03:00, LAHADI 1 ga Nuwamba
```

Layin ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Idan aka ƙara awa takwas a kan 19:00, an tsallake tsakar dare, an shiga wata rana, a wannan karon ma har da wani watan. Ɗalibin da ya ga "03:00" a ƙarƙashin kanun "Asabar" zai iya tashi da tsakar daren Juma'a ya jira taron da sai bayan awa 24 za a yi. Duk garin da ranarsa ta bambanta, a rubuta masa sunan ranar da kwanan watan a layinsa.

An kuma yi amfani da sunayen garuruwa maimakon gajerun haruffa, kuma da dalili. CST na iya nufin lokacin tsakiyar Amurka ko na China, IST na iya zama na Indiya ko na Isra'ila. Mutane da yawa kuma kan rubuta EST a watan Yuli, alhali a lokacin New York tana kan EDT, bambancin awa ɗaya. Sunan gari ba ya jawo wannan gardama, kowa ya san garin da ya fi kusa da shi.

Haka nan sunan wata, a rubuta shi da haruffa. Idan aka sa 1/11, mutumin Kano zai karanta 1 ga Nuwamba, wanda ya saba da tsarin Amurka ya karanta 11 ga Janairu. Tsarin awa 24 ma yana rage ruɗani, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da shi suka saba, amma saboda waɗanda ba su saba ba, a haɗa da "8 na dare" a layin farko. A guji sanya taro a "12 na dare", domin ba wanda zai tabbatar ko daren farkon ranar ake nufi ko na ƙarshenta. "Bayan Isha'i" kuwa ya isa ga karatun masallacin unguwa, amma Isha'in Maiduguri ma ta riga ta Sakkwato shiga, balle a kai ga Landan.

Kafin a tura, akwai dubawa biyu masu sauƙi. Ta farko, a buɗe Zoom ko Google Calendar a tabbatar yankin lokacin da aka zaɓa ya nuna GMT+1, domin kwamfutar da aka sayo ta hannu daga waje takan zo da agogon wata ƙasar. Idan an saita wannan daidai, gayyatar kalanda za ta nuna wa kowa lokacin garinsu da kanta, don haka yana da kyau a haɗa ta da sanarwar. Ta biyu, a tura daftarin ga mutum ɗaya da ke waje a tambaye shi, "Wace rana kuma ƙarfe nawa za ka shigo?" In amsarsa ta saɓa da abin da ke rubuce, sanarwar ba ta shirya ba tukuna.

Jerin garuruwan kuma kada ya wuce inda mahalarta suke da gaske. Shida ko bakwai sun wadatar, sauran jama'a su yi lissafi daga layin UTC. Idan kuma dole ta sa aka ɗage lokacin, a sake rubuta sanarwar gaba ɗaya da kalmar "GYARA" a samanta, domin tsohuwar tana nan tana yawo a zaurukan WhatsApp.